Jikin da Ke Rufa Maka Asiri

Ɗana, na ji ka kana cewa kai ba ka da ciwon suga, don ba ka yawan fitsari, ba ka jin ƙishirwa, kuma tururuwa ba ta taɓa taruwa a inda ka tsuguna ba. Zauna in faɗa maka abin da ya sa wannan hujjar ba ta kwantar mini da hankali. Alamomin da ka lissafa duk na ƙarshen zance ne. Kafin su bayyana, ciwon ya yi shekaru yana aikinsa.

Bari mu fara daga kwanon tuwo. Tuwon shinkafa, masa, burodi, fura, duk idan suka narke a ciki suga suke zama, su shiga jini. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, sugan da ke yawo a jinin lafiyayyen mutum gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Amma kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokali tara. To ina saura yake tafiya? Akwai wata halitta a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke sakin sinadarin insulin. Ka ɗauki insulin kamar yaron da ake aika cikin gida a ce ana sallama. Ya isa wurin tsoka ya ce ga baƙo, tsoka ta buɗe ƙofa, suga ya shiga a ƙona shi ko a adana. Tsokar jiki ce ke karɓar mafi yawan sugan da ka ci. Wannan yaron kuma yana kai wa hanta saƙo cewa ta dakata da fitar da nata sugan, tunda abinci ya shigo. Ita hanta da ma ita ke ciyar da jini da dare da lokacin azumi.

Matsalar tana farawa ne ranar da masu gida suka fara yin kunnen uwar shegu da sallama. Babban abin da ke jawo haka shi ne kitse, amma ba kowane kitse ba. Kitsen da ke ƙarƙashin fata, a cinya da ɗuwawu, rumbu ne da aka gina don ajiya. Kowane mutum da girman rumbunsa, kuma gado ne ke yanke wannan. Idan rumbu ya cika, rarar sai ta fara zama inda ba wurinta ba: tsakanin hanji, cikin hanta, cikin tsoka kanta. Kitsen da ya shiga cikin ƙwayar tsoka yana toshe hanyar da saƙon insulin ke bi, sai a yi sallama amma ƙofa ta buɗe rabi. Hanta mai kitse ita ma ta daina jin "dakata", tana ta zuba suga a jini ko da ka ƙoshi. Ƙara da zama wuri ɗaya, domin tsokar da ba ta aiki ba ta da yunwa. Ƙara da ƙarancin barci. Ƙara da ƙwayoyin ƙiba da wasu 'yan mata ke sha don su yi ɓulɓul, waɗanda da dama daga cikinsu akwai deksametazon a ciki, maganin da kai tsaye yake hana jiki jin insulin. Idan kana da ƙanwa mai shan su, ka hana ta.

Yanzu ga inda asirin yake. Fankiriyas ba ta barin ka ka ji kunya. Idan yaro ɗaya bai isa a buɗe ƙofa ba, sai ta aika biyu, ta aika uku. Suga ya shiga, awo ya nuna lafiya lau. Kamar magidancin da kasuwa ta juya wa baya ne, yana cin uwar kuɗi yana cefane, iyali na ci suna ƙoshi, maƙwabta ba su ga komai ba. Rufin asiri ne, amma ana biyansa da jari.

Bari in zana maka misali, lambobin irin waɗanda ake gani ne. Ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mahaifinsa ya yi ciwon suga. Yana da shekara 30, yaron shago ne, yana ɗaukar dila, yana tafiya da ƙafa. Ƙugunsa santimita 82, sugansa na safe kafin karin kumallo 88 mg/dL. Allah ya buɗa masa, ya yi shagonsa, ya sayi mota. Safe shayi mai kauri da burodi, rana shinkafa da lemo mai sanyi a kan kujera, dare tuwo sai barci. Yana da shekara 38 ƙugu ya kai 98, ana ce masa Alhaji ya yi tumbin naira. Aka auna shi, 95. Ma'aikacin lafiya ya ce ba komai, kuma bisa takarda gaskiya ya faɗa. Abin da takardar ba ta nuna ba shi ne, ana riƙe da wannan 95 ɗin ne da insulin mai yawan da ya ninka na da.

Yana da shekara 44 awon safe ya nuna 109. Da a ce an auna shi awa biyu bayan cin abinci, da an ga abin da ya fi haka muni, domin sugan bayan abinci sau da yawa shi ke fara lalacewa. Ƙwayoyin da ke yin insulin sun fara gajiya, kitse ya shiga fankiriyas ɗin ita ma, kuma sugan da ya hau yana ƙara raunana su. Yana da shekara 48, 138. Wannan ciwon suga ne cikakke. Amma ka tambaye shi, zai ce maka garau yake.

Me ya sa bai ji komai ba? Ƙoda ce. Ƙoda tana tace jini, tana mayar da duk sugan da ya biyo, ba ta bari ya fita. Sai ya haura wajen 180 mg/dL sannan ya fi ƙarfinta ya zubo cikin fitsari. Idan ya zubo yana jan ruwa, daga nan ne yawan fitsari ke zuwa, sai ƙishirwa, sai rama, sai tururuwa. Ka ga ke nan tsakanin 126, inda ciwon ya tabbata, da 180, inda jiki ke fara magana, akwai fili mai faɗi da mutum zai iya yin shekaru a cikinsa. Ga shi abin yana hawa a hankali. 'Yar kasalar da yake ji sai ya ɗora wa zafin rana ko hidimar kasuwa, ko ya ce shawara ce ko basir, ya nemi jiƙo.

Amma jijiyoyin jini ba sa jiran 180. Ƙananan jijiyoyin bayan ido, na ƙoda, da na tafin ƙafa suna lalacewa tun a cikin wancan filin. Alhajinmu yana da shekara 53 ya taka ƙusa bai ji ba, miki ya ƙi warkewa, aka kai shi asibiti, awo ya nuna 260. Iyali suka ce suga ya kama shi bana. Ba bana ba ne.

Kada ka ɗauka tatsuniya nake maka. A Landan an bi dubban ma'aikatan gwamnati shekara da shekaru ana auna su, aka fitar da sakamakon a 2009. Waɗanda daga baya suka kamu, an tarar jikinsu ya riga ya rage jin insulin tun shekara 13 kafin a gano ciwon, sannan sugansu ya yi tashin gwauron zabo a 'yan shekarun ƙarshe. Wani babban bincike a Birtaniya ya nuna cewa ranar da ake gano ciwon, kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin insulin ya riga ya tafi. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya kuma ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

To ta yaya za ka leƙa bayan labule? Nemi tef ɗin tela. Auna tsakiyar cikinka, daidai wajen cibiya, ba inda kake ɗaure wando a ƙarƙashin tumbi ba. Idan ya wuce rabin tsawonka, a kula. Mai tsawon santimita 170 bai kamata ya haura 85 ba. Sa a duba maka bayan wuya da hammata: idan fatar ta yi baƙi ta yi kauri, ana ta cuɗawa ana zaton dauɗa ce ba ta fita, wannan sau da yawa tambarin insulin ne da ya yi yawa. Hawan jini ma abokin tafiyarsa ne. Macen da suga ya hau mata lokacin goyon ciki, ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4, ita ma ta riƙa awo. Kuma kada siriri ya ce shi ya tsira. Akwai mai ƙaramin rumbu, akwai wanda fankiriyas ɗinsa ba ta da ƙarfi tun asali, kuma a ƙasashenmu ana ganin masu wannan ciwo da ba su da ƙiba.

Sai awon jini. Ka kwana awa takwas ba ka ci komai ba, ruwa kawai. Ƙasa da 100 lafiya. Daga 100 zuwa 125 kana bakin ƙofa. Daga 126 zuwa sama, idan aka maimaita wata rana ya sake nunawa, ciwon ne. Wasu na'urori da mmol/L suke nunawa, a can 126 shi ne 7.0, kada ka ga ƙaramar lamba ka yi murna. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, 6.5 cikin ɗari shi ne iyaka. Sai dai yana iya yaudara ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, don haka ka faɗa wa likita idan kana cikinsu. Shi zai iya sa a ba ka ruwa mai giram 75 na suga a auna ka bayan awa biyu.

Na dage da wannan magana ne saboda bakin ƙofa wuri ne da ake juyawa. A Amurka an gwada mutanen da ke wannan mataki, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi tafiya mai ƙarfi minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin, kashi 31. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 ake yi. Kitsen hanta yana cikin wanda ke fara narkewa idan nauyi ya sauka, kuma tsokar da ke motsi tana jan suga ko da insulin kaɗan ne. Shi ya sa tafiya bayan cin abinci take da amfani na musamman. Ka ci tuwon dare da wuri, ka taka zuwa masallacin da ya fi nisa don sallar isha'i. Lemon rana ka mayar da shi ruwa, zoɓo da kunun aya ma ka lura da sugan da ake zuba musu.

Jibi da safe kada ka sha shayi. Ka biyo ta nan mu tafi tare, ni ma nawa awon ya kusa shekara.