"To" Ɗin da Ba Za Ta Cika Ba

Babu kalmar da ta fi sauƙin fita daga bakin ƙaramin ma'aikaci a ƙasar Hausa kamar "to". Da ita aka rene mu. Yaron da babba ya aika ba ya tambayar nisan wurin, kuma tun muna ƙanana muke jin cewa bin na gaba bin Allah ne. Saboda haka idan shugaba a wurin aiki ya ɗora wa mutum sabon aiki a kan wanda bai gama ba, harshe kan riga tunani amsawa. Tambayar da nake son dubawa ita ce: idan ma'aikaci ya san lokacinsa ba zai ɗauki ƙarin ba, wanne ya fi kusa da halin kirki, ya amsa don ladabi ko ya ƙi don gaskiya?

A laccarsa mai suna "Mutumin Kirki", wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jero halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Cikinsu akwai gaskiya da amana, akwai kuma kunya da ladabi. A yawancin al'amuran rayuwa waɗannan halaye tafiya ɗaya suke yi. A gaban teburin shugaba kuwa sukan rabu gida biyu: kunya ta ce ka sunkuyar da kai ka karɓa, amana ta ce aikin da ke hannunka ma yana da masu haƙƙi. Ra'ayina shi ne rabuwar ta ido ce kawai, kuma akwai hanyar ƙi da ke cika duka huɗun. Zan nuna ta da abin da na sani a aikace.

Bayan na gama digiri da hidimar ƙasa, na sami aikin kula da bayanai a wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitoci a yankin Anka, Gummi da Bukkuyum. A farkon kowane wata asibitoci 20 kan aiko mini da fom ɗin taƙaita aikinsu: yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mata nawa suka zo awo, mutum nawa aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Ni nake shigar da su a manhajar DHIS2. Kowane fom kan ci mini minti 45, jimilla awa 15. Bin kurakurai ta waya kan ci awa 6, domin sau da yawa sai an kira mai kula da asibiti ya buɗe rajista ya sake ƙirgawa. Ƙidayar magunguna a sito kuma yini guda ce, awa 8. Makon aikinmu awa 37 ne, tun da ranar Juma'a da wuri ake tashi. Idan aka cire 29 daga 37, abin da ya rage mini yini ɗaya ne tak.

A cikin irin wannan mako ne, a watan Agusta, shugabana ya ce in tafi sa ido kan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina a wasu ƙauyukan Bukkuyum. Wannan magani ana bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, zagaye ɗaya kowane wata a lokacin ruwa, kuma zagayen kan ɗauki kwana huɗu. Aiki ne na ceton rai, kuma mutumin bai nemi abin da ya saɓa wa hankali ba. Sai dai kwana huɗu awa 32 ne, ni kuwa 8 gare ni, ga rahoto ana jiran sa ranar Juma'a.

Ban ba shi amsa a gaban jama'a ba. Na bari sai da ya keɓe, na shiga da takarda guda mai layi uku, kowane aiki da awanninsa da ranar da ake jiran sa. Na ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna. Idan na ce zan yi kwana huɗun nan kuma in kawo rahoto ranar Juma'a, ban faɗa maka gaskiya ba. Abin da zai yiwu biyu ne. Ko a ɗaga ƙidayar sito zuwa makon gobe, in je Litinin da Talata, wani ya karɓe ni Laraba da Alhamis, rahoto ya fita a kan lokaci. Ko in yi kwana huɗun duka, rahoto ya kai Larabar sama, a sanar da ofishin da ke jiran sa tun yau. Wanda ka zaɓa shi zan yi." Ya duba takardar, ya tambaye ni ko awa shidan waya za su ragu, na ce ba za su ragu ba sai dai a bar kurakuran yadda suke. Ya zaɓi na farko.

Abin lura a nan shi ne wanda ya yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na san awannina, amma shi ya san wanne aiki ne ya fi gaggawa a idon waɗanda ke samansa. Da na ce "to" na fita, da ni ne zan zaɓi aikin da zai lalace, a ɓoye, ba tare da saninsa ba. Wato amsawar da ake ɗauka biyayya ce ƙwace wa shugaba ikonsa take yi, ta bar shi yana shiri a kan alƙawarin da ba shi da ƙafa. Wanda ya shimfiɗa aikinsa a fili ya kawo mafita, shi ne ya mayar wa mai iko da ikonsa. Ban ga ladabin da ya wuce wannan ba.

Sannan akwai mutum na uku da ba ya cikin ɗakin. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ma'aikacin bayanan da lokaci ya ƙure wa hanyarsa sananniya ce: ya cika gurbi da ƙiyasi. Mai ido yakan gane irin wannan rahoto. Za a ga lambobin wannan wata sun yi daidai da na watan jiya ƙwaya da ƙwaya, ko yawancinsu sun ƙare da sifili, ko kuma wata bayan wata yaran da aka yi wa allurar fenta ta uku sun fi waɗanda aka yi wa ta farko yawa, alhali ba a kaiwa ta uku sai an bi ta farko. Da waɗannan lambobi ake auna yawan maganin da za a aika wa kowane asibiti. Idan an rage, uwa ce za ta yi tafiyar sa'o'i da yaro a goye ta tarar babu magani. Ita ba ta ji "to" ɗin da aka faɗa a ofis ba, amma ita za ta biya kuɗinta.

Yankinmu ya taɓa ganin wannan ɗabi'a a babban mataki, ko da yake ba tsakanin ma'aikaci da shugabansa ba. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi ta ba yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. Amma a Bagega, inda ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba, sun ƙi fara wannan magani ga ɗaukacin yaran garin, suka kuma faɗi dalili: yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a ƙasa mai guba, aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando. Ba su tsaya a ƙi ba, sun faɗi sharaɗi: a tsabtace gari, su fara. Gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013, aka kwashe ƙasar, aka fara magani a wannan shekarar. Da sun amsa don a yaba musu, da an ga motsi an ɗauka an magance matsala.

Duk da haka, wannan hanya tana da iyaka, kuma rashin faɗin iyakar zai zama rashin adalci. Ta farko ita ce gaggawa ta haƙiƙa. Ranar da amai da gudawa ya ɓarke a ƙauye, ko ruwa ya ci gari kamar yadda ya ci Gummi a daminar 2024, ba ranar zuwa da takardar awanni ba ce. A ajiye rahoto a tafi. Ma'aunin shi ne a tambayi kai: idan aka jinkirta wannan aiki kwana uku, me zai lalace wanda ba ya gyaruwa?

Ta biyu ita ce gaskiyar lissafin kansa. Malalaci ma ya iya rubuta layi uku. Ana bambance su da abu biyu: mai gaskiya yakan yarda a binciki awanninsa, kuma mafitar da yake kawowa tana ɗora masa wani nauyi, kamar kwana biyun da na ɗauka. Wanda kullum mafitarsa ita ce a ba wani, ba lokaci ya rasa ba. Haka nan idan ainihin dalilin tsoron hanya ne, abin da kowa ya san ba wasa ba ne a wannan yanki, a faɗe shi da sunansa. Ɓoye shi a bayan yawan aiki ƙarya ce, kuma tana hana a ɗauki matakin da ya dace da shi.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Akwai wanda zai ce: kai ka dace da shugaba mai sauraro, ina ga ma'aikacin wucin gadi da ake iya sallama da kalma ɗaya, a ƙasar da masu digiri ke layi a bakin ƙofa? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba zan zargi wanda tsoron yunwar iyalinsa ya rufe wa baki ba. Amma ko shi yana da abin da zai iya: ya karɓi umarnin, ya faɗi abin da zai biyo baya. "Zan tafi, Yallaɓai, sai dai rahoto ba zai samu ranar Juma'a ba." Bai ƙi ba, bai kuma yi ƙarya ba. Daga nan nauyin ya koma kan shugaba, domin wanda ke hukunta mai gaya masa gaskiya yana koya wa na ƙasa da shi su riƙa kawo masa lambobin ƙarya ne, shi kuma zai sa hannu a kansu.

Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne. Kowace "to" a wurin aiki alƙawari ce, kuma mai ɗaukar kaya shi ya fi kowa sanin abin da wuyansa zai iya. Kunyar da ta dace da mutumin kirki ita ce ta ranar da za a zo karɓar abin da ya ce zai yi a tarar babu. Wanda ya ji wannan kunya tun ranar Litinin, zai fi son ya sha nauyin minti biyar a gaban shugabansa da ya bar wata uwa ta koma gida hannu wofi.