Fatawa: Wasiƙar koke kan kayan gashi da suka makara, wasu kuma suka lalace

Tambaya: Ina da shagon kayan gyaran gashi a Kano. Na sayi katan 20 na man gashi da shamfu daga wani dila a Legas kan naira 600,000, bisa alkawarin su iso kafin Sallah. Sai bayan Sallah suka zo, katan huɗu sun fashe, man ya tsiyaye. Me ya halatta in nema a wasiƙar da zan rubuta masa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Hajiya, fara duba wanda ya ɗauki direban da ya kawo kayan. A mazhabar Malikiyya, kayan da aka saya bisa siffa ba a gan su ba suna cikin lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa. Idan dilan ne ya ɗauki motar, asarar katan huɗun tasa ce. Idan kuwa ke kika aika direba ya karɓo miki, hannun wakilinki hannunki ne, sai maganarki ta koma kan direban in ya yi sakaci, ko kan dilan in tun farko bai ɗaure kayan da kyau ba.

In asarar tasa ce, tunda abin da ya lalace bai kai mafi yawan cinikin ba, ba ki da ikon warware cinikin duka saboda shi. Ki riƙe masu kyau, ki mayar da huɗun, a dawo miki da kasonsu. Da ƙima ake fitar da kason, domin katan ɗin mai da na shamfu ba kuɗinsu ɗaya ba. Idan ƙimar huɗun ta kai rubu'in kayan, haƙƙinki naira 150,000 ne. In kun yarda ya sauya miki da wasu, babu laifi.

Kada ki yi jinkiri. Yin shiru kwanaki ba uzuri, ko tsintar kwalaben da suka tsira a katan ɗin nan ki sayar, ana ɗaukarsa yarda da aibin. Ki ajiye su yadda suka zo, ki ɗauki hotonsu, ki sa maƙwabtan shago biyu su gani.

Batun makara kuwa, na san cinikin Sallah ya wuce ki, kuma saɓa alkawari laifi ne, ki faɗa masa haka a fili. Amma ribar da kika yi tsammani ba bashi ba ce a kansa. Kina iya roƙon rangwame, ba za ki tilasta shi ba.

A wasiƙar ki rubuta ranar alkawari, ranar isowa, lambar rasit, adadin kwalaben da suka fashe, kuɗin da kike nema da wa'adin biya. Kada ki ƙara ko kwalba ɗaya, kada kuma ki kira shi macuci alhali ba ki da shaidar ya yi da gangan.

Allah ne Mafi sani.