Kuɗin yammacin Juma'a

Ɗana, zauna in faɗa maka abin da ya sa kuɗin da aka turo maka bayan la'asar ranar Juma'a kan kwana uku a hanya, don kada ka zagi mutumin kirki a banza, kada kuma macuci ya yi maka sakiyar da ba ruwa.

Ka ƙaddara ka loda buhu 40 na masara daga Bilbis zuwa Dawanau, an yi ciniki a kan naira miliyan 2. Ƙarfe biyar na yamma akawun Alhajin da ya saya ya turo maka hoton rasit, ya ce an biya. Ka duba waya, shiru. Asabar ka hau babur zuwa Tsafe wajen mai POS, ya duba, babu ko kwabo. Shi kuwa Alhaji yana rantsuwa an cire kuɗin daga asusunsa. Mai yiwuwa ne dukanku gaskiya kuke faɗi.

Kuɗi ba hanya ɗaya suke bi tsakanin banki da banki ba. Akwai kamfanin NIBSS, mallakar Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci, shi ke haɗa su. Hanyar da ka saba da ita a waya sunanta NIP, an fara ta a 2011, kuma ba ta san dare ko Lahadi ba. Da an tura, bankinka yake zuba maka kuɗin nan take, daga baya bankunan biyu su yi lissafi tsakaninsu. Ɗayar, wadda ta girme ta, ita ce NEFT. Kamfanoni da ofisoshi sun fi bin ta, musamman idan mutane da yawa za su biya lokaci guda.

Ita NEFT kamar motar haya take a tasha, ba ta tashi don fasinja ɗaya. Banki yakan tara umarnin biya na mutane da yawa, ya aika da su a dunƙule a lokutan da aka tsayar. A can sai a lissafa abin da wannan banki ke bin wancan da abin da wancan ke bin wannan, a cire ƙarami daga babba, ragowar kaɗai a biya daga asusun da kowane banki ya ajiye a Babban Banki. Sai an gama wannan kafin bankinka ya rubuta kuɗin da sunanka. Wannan zaman lissafi kuwa a ranakun aiki ake yinsa, Litinin zuwa Juma'a, kuma kowane banki yana da lokacin da yake rufe karɓa kafin a tashi aiki. Akawun Alhaji ya iso tasha bayan motar ƙarshe ta tashi. An cire kuɗin daga asusunsu, gaskiya ne, amma suna nan a hannun bankinsu, suna jiran motar Litinin. In Litinin ɗin ta faɗo a hutun Sallah, sai ranar da aka koma aiki. Haka ma cekin wani banki da ka kai Gusau da yammacin Juma'a, Asabar da Lahadi ba sa cikin ƙidayarsa.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Ka karanta rasit ɗin da kyau. In an rubuta NEFT, ka yi haƙuri zuwa Litinin, zirga-zirga zuwa Tsafe a wannan hanya tamu da ka san halinta ba za ta matso da kuɗin ba. In kuwa NIP ne, za ka ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake rubuta wa Session ID. Irin wannan ba ruwansa da Juma'a. In ya wuce 'yan awoyi bai shigo ba, ko dai na'ura ta sarƙe, kuɗin su shigo a makare ko su koma wa mai su, ko kuma rasit ɗin na jabu ne. Da waccan lambar banki ke bin sawun kuɗin, don haka ka nemi a ba ka ita, ka adana.

Macuta sun san wannan zance sarai. Shi ya sa sukan zo da yammacin Juma'a, su nuna maka hoto a waya, su ce ai ka san banki, sai Litinin. Kafin Litinin kaya sun yi nisa, lambar wayar ma a kashe.

Saboda haka tun wajen ciniki ka tambayi mai saye ta wace hanya zai biya. In ta ofis ce, ka roƙe shi ya sa a tura da hantsi, kafin a tafi masallaci. Wanda ba ka sani ba kuwa, kada buhu ɗaya ya hau mota sai ka buɗe asusunka da hannunka ka ga kuɗin sun zauna.