"Babanku Ya Yi Tafiya": Ƙaryar da Muke Yi wa Marayu

Ranar da yayana ya rasu, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makabartar Madina. Hawan jini ne ya kayar da shi a wurin aiki, ya kwana biyu a asibiti bai farfaɗo ba. Ya bar 'ya'ya uku: namiji mai shekara 12, mace mai shekara 7, da auta mai shekara 4. Tun da safe aka kai ƙananan biyu gidan 'yar'uwarmu a Mamobi don kada su ga gawa. Da aka dawo da su da daddare, autan ya tarar da tsakar gida cike da mata, ya tambayi kakarsa ina babansa. Mma ta jawo shi jikinta ta ce, "Babanku ya yi tafiya." Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji, ban ce uffan ba. Aikina magana a rediyo ne, amma a daren nan na ji daɗi da wani ya ɗauke mini nauyin maganar.

Tambayar da ta hana ni sukuni tun daga lokacin ita ce: ya halatta a yi wa yaro ƙarya game da mutuwar mahaifinsa don a tausaya masa? Na daɗe ina ganin ya halatta. Yanzu ina ganin bai halatta ba, kuma yaran nan uku ne suka sauya mini ra'ayi.

Hujjar Mma ba ta banza ba ce. Takan ce zuciyar yaro ɗanyen ƙwai ce, ba a ɗora mata dutse. Idan ya girma zai gane da kansa. Sai dai a Zango kalmar tafiya ba ta da duhu ga yaro. Da wuya ka shiga gida a Nima ko Madina ba ka sami wanda ke Libiya, ko Saudiyya, ko Jamus, ko Amurka ba. Yaro ya san matafiyi yana kira a waya, yana aiko da kuɗi, wata rana kuma ya sauka da tsaraba. Saboda haka autan ya karɓi maganar yadda aka ba shi. Duk jirgin da ya wuce ta samanmu sai ya fito ya ɗaga masa hannu. Duk wayar da ta yi ƙara sai ya ruga. Da aka yi wata guda babu kira, sai ya tambayi uwarsa, "Baba fushi yake yi da mu?" Mun so mu ɓoye masa mutuwa, sai muka saka masa tunanin cewa ubansa ya yi watsi da shi.

A 1948 wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar ƙasar Hangari, Maria Nagy, ta wallafa binciken da ta yi da yaran birnin Budapest, inda ta sa su zana mutuwa su kuma yi magana a kanta. Ta ga cewa 'yan ƙasa da shekara 5 suna ɗaukar mutuwa kamar barci ko tafiya, abin da ake dawowa daga gare shi. A 1984 Mark Speece da Sandor Brent suka tattara binciken da aka yi bayanta, suka ce gane mutuwa ya ƙunshi abu uku: mamaci ba ya dawowa, jikinsa ya daina aiki gaba ɗaya, kuma kowane mai rai zai mutu. Yawancin yara sukan haɗa ukun nan tsakanin shekara 5 da 7. Wato ɗan shekara 4 da ma can yana zaton mamaci zai dawo. Idan muka ce masa tafiya aka yi, mun ƙara wa kuskurensa ƙarfi, a daidai lokacin da yake bukatar babba ya gyara masa a hankali.

Gaskiyar ta riske shi ta hanyar da ba mu zaɓa ba. A makarantar allo wani yaro ya ce masa an binne babansa a rami. Ya dawo gida yana kuka, yana cewa a je a fito da shi, zai ji yunwa. Daga ranar ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun shekara guda, kuma ba ya yarda uwarsa ta shiga ko banɗaki ba tare da shi ba. Komawa baya irin wannan sananne ne ga ƙananan yara masu makoki, ba taɓara ba ce, duka kuma ƙara ta yake yi.

Da dare na zaunar da shi a cinyata, uwarsa na gefe cikin takaba. Na ce, "Baba ya rasu. Jikinsa ya daina aiki. Ba ya numfashi, ba ya jin yunwa, ba ya jin zafi, kuma ba zai dawo gida ba. Muna yi masa addu'a Allah ya sa shi a Aljanna." Ya dube ni ya ce, "To gobe fa?" Na ce gobe ma ba zai dawo ba. Ya sauka ya ci gaba da wasa da motarsa ta gwangwani. Kwana biyu ya sake tambaya, na maimaita kalmomin nan ba tare da na sauya ko ɗaya ba. Ya yi ta tambaya har watanni. Yaro ƙarami kurɓar baƙin ciki yake yi kaɗan-kaɗan kamar koko mai zafi. Ya kurɓa, ya tafi wasa, ya dawo. Na kuma guji cewa ya yi barci, don yaron da aka gaya wa haka yakan ji tsoron kwanciya, ya kuma firgita idan ya ga uwarsa ta rufe ido.

Ta tsakiyar ba wanda ya iya yaudararta. Ta ga tabarmin zaman makoki, ta ji ana "Allah ya jiƙansa", ta gane. Amma da ta ga manya suna ɓoyewa, ita ma sai ta ɓoye nata. Mun yi ta yabonta da haƙuri. Sai bayan addu'ar arba'in, ina raka ta makaranta, muna jiran tsallaka titi a Zango Janshin, ta ce, "Baba ƙarami, da na kawo masa ruwan, da bai mutu ba ko?" Ashe da safen ranar da ya faɗi ya aike ta ta kawo masa ruwa, ta tsaya wasa har ya fita. Kwana arba'in tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Yaro mai shekara 6 zuwa 9 ya san mutuwa ba ta da dawowa, amma bai gama gane sababinta ba, idan kuma aka bar gurbin a buɗe sai ya cike shi da laifin kansa. Na ce mata ciwo ne a cikin jijiyoyin jininsa, ya daɗe da shi tun kafin a haife ta, ba ruwa ba ne, ba maganarta ba ce, ba komai nata ba ne. Sai ta yi tambaya ta biyu: "Mama ma za ta mutu?" Nan ma ƙarya ta zo mini baki. Na haɗiye ta, na ce kowa zai mutu wata rana, amma mamanta lafiyarta ƙalau, kuma ko me ya faru ni da kakarta muna nan, ba za a bar ta ita kaɗai ba. Abin da take son ji ke nan: wa zai riƙe ta.

Babban kuwa mun kai shi makabarta, ya yi salla, ya zuba ƙasa da hannunsa. Shi ba a yi masa ƙaryar tafiya ba, wata aka yi masa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya dafa kansa ya ce, "Yanzu kai ne maigida, namiji ba ya kuka." Ya ɗauki maganar da gaske. Ya fara guje wa makaranta yana dako a kasuwar Madina don ya kawo wa uwarsa 'yan sidi, ya zama mai saurin hannu ga ƙannensa. Ɗan shekara 12 ya gane mutuwa kamar babba, amma kafaɗarsa ta yaro ce. Sai da na ce masa a fili, a gaban uwarsa, kuɗin haya da na makaranta suna wuyana, aikinsa karatu da ƙwallo. Na kuma bar shi ya ga hawayena, sannan ya saki nasa.

Wani zai ce wannan tunanin Turawa ne. Ni a sirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na fara ganinsa. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi da kansa ya je gidan Asma'u 'yar Umais, ya sa aka kawo masa 'ya'yan Ja'afar, ya rungume su idanunsa na zubar da hawaye, ya sanar da rasuwar, ya kuma umarci a dafa wa iyalin abinci. Wanda ya yi wannan ya san maraici daga ciki, don mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa yana ɗan shekara 6 yana tare da ita. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi ya nuna mata da ba ta ba shi ba, da an rubuta mata ƙarya. Idan alkawarin dabino ga yaro yana da wannan nauyi, ina ga labarin ubansa?

Akwai abin da na gane a makare. William Worden da Phyllis Silverman sun bi yara 125 da suka rasa uwa ko uba a yankin Boston har shekara biyu, suka ga cewa cikin abubuwan da suka fi nuna yadda yaro zai kasance akwai halin da mahaifin da ya rage yake ciki. A wurinmu ana cika gida ranar uku, da bakwai, da arba'in, sannan kowa ya watse, a bar mace da wata huɗu da kwana goma na takaba da yara a ɗaki ɗaya. Mai son taimakon maraya ya fara da uwarsa: cefane, raka yara makaranta, zama a saurare ta. Idan kuma watanni suka shuɗe yaro bai koma barci da cin abinci da makaranta ba, ko ya fara cewa yana son ya bi mamacin, to lokacin kai shi ga likita ya yi, tare da addu'ar da ake yi.

Ban ce a sauke wa yaro duk gaskiya a rana ɗaya ba. Ɗan shekara 4 ba ya bukatar bayanin kabari da tambayar mala'iku. A ba shi daidai tambayarsa, a tsaya, a jira ta gaba. Sharaɗin kawai shi ne kada a faɗa masa abin da wata rana sai an janye.

Mma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Amma ranar Sallar da ta wuce na ji autan, wanda yanzu ya kai shekara 6, yana tambayarta wane abinci babansa ya fi so. Ta ce tuwo da miyar ayoyo, ta ba shi labarin yadda yake lashe kwano tun yana yaro, suka yi dariya, sannan ta ce ya ɗaga hannu su yi masa addu'a.