Ragowar yadin da ke shagon tela, na wa ne?

Wani tela a nan Kimba ya tare ni bayan Azahar, ya ce: "Malam, ina da buhu cike da ragowar yaduka, wasu sun shekara uku. Halal na ko haram?"

Na ce ya ba ni misali guda. Ya ce wani bawan Allah ya sayo shadda yadi biyar a kasuwar Jega, ya kawo a yi masa kaftani da wando. Mutumin siriri ne, huɗu da kwata suka ishe shi. Sauran ya jefa a buhu. Mai kaya bai tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba.

Na ce masa, shirun nan ba kyauta ba ne. Wanda bai san an samu saura ba, ta yaya zai yafe? Kuɗin da ya biya na ɗinki ne. Zare da maɓalli da zif da ka sa daga shagonka naka ne, suna cikin farashi. Amma yadi nasa ne tun daga baki har baki, amana ce a hannunka. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su bayan idon mai su, kuma hukuncin yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid.

To, ba na son in ƙuntata abin da ke da faɗi. Tarkacen da ke faɗuwa ƙarƙashin almakashi, wanda sai dai a cusa a matashin kai, al'ada ta yafe shi, ba mai zuwa nema. Amma ƙyallen da zai fitar da aljihu, ko faci in riga ta yage, ko 'yar rigar jariri, wannan dukiya ce. Yadi ba kwata na shadda kuwa, ko magana babu.

Ya ce: "To Malam, yanzu ban san na wane da wane ba." Nan matsalar take, duk sun cakuɗe. Na ce wanda ya gane mai shi ya mayar, ko ya nemi ya bar masa. Wanda ya yi ƙoƙari bai gane ba, ya yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je ga masu shi.

Daga yanzu kuma ya sayi littafi. Kaya na zuwa ya auna a gaban mai su, domin wani lokaci "yadi biyar" ɗin bai cika ba tun daga kasuwa, kuma tela ake zargi. Ya rubuta suna da lamba da adadin yadi, ya sa lambar a gefen yadin da alli. Bayan yanka ya rubuta abin da ya rage, ya naɗe shi cikin ledar ɗinkin. In mai kaya ya ce "riƙe", ya rubuta "an bar mini".

Ya ce gab da Sallah ina lokacin rubutu? Na ce yaron shago ya riƙe biro, shi ya riƙe almakashi.