Kada Ku Tura Fassarar Na'ura Kafin Ku Tantance Ta

Wata ɗabi'a ta shigo ofisoshinmu da ɗakunan shan magani daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu, kuma tana yaɗuwa ba mai tsawatarwa. Takarda za ta zo da Turanci daga sama, a ce a isar da ita ga jama'a da Hausa. Wanda aka ɗora wa aikin sai ya kwafe ta ya zuba a Google Translate, ya kwashe abin da ya fito, ya watsa a zauren WhatsApp ko ya kai shagon buga takardu a fitar da ita a manna a bango. Bai karanta ba, ko kuma ya karanta Hausar kaɗai, ya ji ta yi daɗi a baki, ya ce shi ke nan. Wannan ganganci ne, kuma idan takardar ta shafi lafiyar yara, wasa ne da rai.

Tun Disamban 2013 aka saka Hausa a wannan manhaja, kuma ba a musun cewa ta ƙara ƙwarewa. Amma ƙwarewar ce ta ƙara haɗarin. A da Hausar na'ura kan fito a karye, kowa ya gani ya san sai an gyara. Yanzu jimla takan fito sumul, babu gargada, alhali an sauya mata ma'ana. A 2019 wasu likitoci a San Francisco sun gwada wannan manhajar da bayanan da ake ba marasa lafiya idan an sallame su daga sashen gaggawa. Jimla 92 cikin 100 sun fita daidai a Sifaniyanci, 81 a Sinanci, kuma kusan 8 cikin 100 na Sinancin suna iya jawo babbar illa. Waɗannan harsuna ne da aka tara musu rubutu jibgi a intanet, wanda na'ura ke koyo da shi. Hausa ba ta da ko kusa da haka.

Mu ɗauki takarda guda mu bi ta. A ce damina ta yi nisa, amai da gudawa sun ɓulla kamar yadda aka gani a Zamfara a 2021, aka aiko da sanarwa ga iyaye mata. Abin da ke cikinta sananne ne ga duk ma'aikacin lafiya: kada a daina shayar da yaro, a narka ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a ba yaro ƙwayar zink ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata shida ba a ba shi rabi, sannan idan ya kasa sha ko nono ya gagare shi a garzaya asibiti. Layi biyar ne kacal, amma kowane layi da raminsa.

Layin farko ya fi ba ni tsoro. "Kada a daina shayar da yaro." Cire kalma ɗaya ta farko, me ya rage? "A daina shayar da yaro." Cikakkiyar Hausa ce, umarni ne tsaf, babu wata alama da za ta nuna an yi ɓarin wani abu. Uwar da ke Kwatarkwashi ko 'Yandoto ba ta ga Turancin ba, ba ta da abin gwadawa. Ga shi kuma dama akwai masu ganin nono ne ke ƙara gudawa, sai takardar asibiti ta zo ta gaskata su. Na'ura ta fi yin irin wannan tuntuɓe idan kore biyu suka haɗu a jimla ɗaya, kamar hani da dainawa, ko idan jimlar ta yi tsawo da sharaɗi irin na "sai dai idan" da "ba kafin ba". Aikinta shi ne ta zaɓo kalmomin da suka fi dacewa su bi juna. Ƙaramar kalmar da ta ɗauki nauyin ma'anar duka ba ta da wani girma na musamman a wurinta.

Hausa kuma tana da nata tarkon. Korewarmu sau da yawa ƙafa biyu gare ta, "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, idan ɗaya ta faɗi sai jimlar ta tsaya a rataye. Sannan "ba" ɗin korewa da "ba" ɗin bayarwa iri ɗaya ake rubuta su, domin ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutunmu na yau da kullum. "Ba shi ruwa" umarni ne a shayar da yaro. "Ba shi da ruwa" labari ne na rashi. "A ba shi" da "ba a ba shi" harafi biyu ne tsakaninsu. Saboda haka kada ka dogara da kunne. Ka ajiye asalin takardar da fassarar gefe da gefe, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar hani ko korewa a Turancin, har da ɓoyayyun da ke nufin gujewa, dainawa, rashi da togiya. Ka ƙirga su. Sannan ka nemo wa kowace ɗaya abokiyarta a Hausar: kada, kar, ba, bai, babu, banda, sai dai. A takardarmu akwai hani a layin shayarwa, akwai "bai kai wata shida ba", akwai "ya kasa sha". Idan ka ƙirga uku a can ka sami biyu a nan, kada takardar ta bar hannunka.

Sai lambobi. Mutane suna ɗauka lamba ba ta da harshe, don haka ba ta ɓata. Tana ɓata. Ɗigon da ke cikin 0.5 yana iya ɓacewa ya bar 5, ya ninka magani sau goma. Kwana 10 zuwa 14 yana iya komawa "kwana goma sha huɗu" kawai, ko "sha" ta zube ya koma goma da huɗu a warwatse. Ita kanta "sha" ɗin ƙidaya tana cin karo da "sha" ɗin magani, ta yadda "sha biyu" a takardar magani tana iya zama umarnin a haɗiyi ƙwaya biyu, tana iya zama goma sha biyu. Mai tantancewa na gari ba ya barin irin wannan, sai ya rubuta "a haɗiyi ƙwaya 2". Kwanan wata ma haka: 03/04 a takardar da ta fito daga Amurka huɗu ga Maris ne, a wurinmu uku ga Afrilu. Idan ranar rigakafi ce, mata sun yi sammako a banza. Ka rubuta sunan watan da haruffa, magana ta ƙare.

Lamba kuma ba ta tafiya ita kaɗai, da ma'auninta take tafe, nan ne kalmomi masu kama da 'yan gida suke shigowa su yi ɓarna. Bature yakan kira kofin shan ruwa da kalmar da muka ara muka ce gilashi. A wurinmu gilashi na taga ne ko na ido ko na mota. Idan fassara ta ce a ba yaro "gilashin ruwa" bayan kowace gudawa, kalmar ta yi kama da Hausa, amma ba ta gaya wa uwa komai ba. Mafi muni shi ne a gauraya kofin da ake ba yaro da litar da ake narka garin a ciki. Kofi bai fi kusan kwatan lita ba. Ƙunshin da aka yi domin lita guda idan aka narka shi a kofi ɗaya, gishirinsa ya ninka wajen sau huɗu, kuma irin wannan ruwan yana ƙara wa yaro illa maimakon ya farfaɗo da shi. Wanda ya san mutanensa zai rubuta lita 1, ya ƙara da cewa leda biyu ke nan ta fiya wata, tunda kowace leda rabin lita ce. Na'ura ba za ta yi maka wannan ba.

Zink ma kalma ce mai fuska biyu, domin a bakin 'yan Najeriya da ita ake kiran kwanon rufin ɗaki. Haka "kyauta ne, ba a biyan ko kwabo" yana iya fitowa a matsayin "babu caji", mai karatu ya tafi tunanin batirin waya. Mu 'yan Zamfara kuwa akwai kalmar da bai kamata mu taɓa sakaci da ita ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sunan dalma a Turanci, a rubuce, ɗaya yake da kalmar jagoranci. A gajeren take da babu jimlar da za ta fayyace, na'ura tana iya ɗaukar wadda ta fi yawa a rubuce-rubucen da ta koya, kuma ba dalma ba ce.

Akwai wata dabara da wasu ke taƙama da ita, wai su mayar da Hausar cikin na'urar ta koma Turanci, idan ta yi daidai da asali sai su ce an tantance. Tana iya tona korewar da ta zube, wannan gaskiya ne. Amma ba ta kama baƙuwar kalma, domin na'urar da ta ce gilashi ita ce za ta mayar da gilashin inda ta ɗauko shi, komai ya yi kamar lafiya lau. Gwajin da ya fi wannan shi ne mutum. Ka sami wadda ba ta jin Turanci, mai shara a asibitin ko wata uwa da ke zaune a benci tana jiran layi, ka karanta mata da ƙarfi, sannan ka ce, "Baba, in ke ce, me za ki yi in kin koma gida?" Kada ka tambaye ta ko ta gane, kunya za ta sa ta ce ta gane. Idan ta ce za ta narka garin a kofi, takardarka ba ta nuna ba tukuna.

Na san abin da za a ce: aiki ya yi yawa, ma'aikata kaɗan, oga yana jira. Takarda mai layi biyar ba ta cin minti goma wajen wannan bincike, kuma magana zarar bunu ce. Saƙon da ya shiga WhatsApp a Gusau da hantsi, kafin azahar an tura shi Nahuce da 'Yankuzo, wani ya karanta shi a murya ya aika wa waɗanda ba su iya karatu ba. Gyaran da za ka turo daga baya ba zai bi duk hanyoyin da kuskuren ya bi ba. Ranar da abin ya ɓaci kuma ba za a tuhumi manhaja ba, sunan ofishinku ne a saman takardar, kuma alhakin yana wuyan wanda ya danna turawa.

Ina kira ga shugabannin ɗakunan shan magani da jami'an wayar da kai na ƙananan hukumomin nan uku, ku kafa doka cewa babu fassarar da za ta fita sai mutum na biyu mai jin harsunan biyu ya gwada ta da asalinta ya sa hannu. Malaman Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ku koya wa ɗalibanku wannan tun suna aji, domin su ne gobe za su riƙe waɗannan takardu. Kai kuma ɗan'uwa da waya ke hannunka yanzu, don girman Allah, kafin ka tura, ka ƙirga korewar, ka gwada kowace lamba da asalinta, ka karanta wa mutum ɗaya ya faɗa maka abin da ya ji.