Kwalba Ba Lita Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malaman Malikiyya sun sanya sharaɗi cewa ciniki ba ya inganta sai an san kuɗin, an kuma san gwargwadon abin da aka saya. Allah Ya yi alkawarin azaba ga masu tauye mudu a farkon Suratul Muɗaffifina, tauye awo kuwa yana cikin laifofin da suka hallaka mutanen Annabi Shu'aibu. Sai dai waɗansu sun ɗauka tauyewa ita ce buga gindin mudu kaɗai, alhali ɓoye girman ma'auni shi ma ƙofa ce ta zalunci.

Ga misali. A ce mutum biyu suna sayar da man gyaɗa a kasuwa ɗaya. Na farko ya ce kwalba Naira 1,800, na biyu ya ce lita Naira 2,200. Magidanci ya nufi na farko, yana zaton ya sami rahusa. Kwalbar nan kuwa kashi uku cikin huɗu na lita take ci, watau santilita 75. Idan aka raba 1,800 gida uku, kowane kashi ya tashi 600, kashi huɗu kuwa 2,400. Ashe mai arahar ya ɗara maƙwabcinsa da Naira 200 a kowace lita. Bai faɗi ƙarya da baki ba, amma da kowannensu ya rubuta kuɗin lita a allo, da ɗan makaranta ma ya gane bambancin.

Sa'an nan kuma lita ma'aunin cika ce, kilo ma'aunin nauyi. Lita guda ta man gyaɗa ba ta kai kilo guda ba, tana wajen giram 920, saboda haka ba ya halatta a auna da wannan a karɓi kuɗin wancan. Haka nan nauyin galan ko kwano ba kaya ba ne, dole a fitar da shi daga sikeli kafin a yi lissafi.

Wani zai ce ai shari'a ta halatta sayar da kashi ba tare da awo ba. Gaskiya ne, shi ne cinikin jizafi, amma da sharuɗɗa: a ga kayan da ido, a iya kintatarsa, mai saye da mai sayarwa kuma su yi tarayya cikin rashin sanin adadinsa. Wanda ya riga ya ɗora tsibin nama a sikeli a asirce, sa'an nan ya sayar da shi a matsayin kashi, ya fita daga wannan rangwame. In mai saye ya gano haka daga baya, yana da zaɓi: ko ya riƙe kayan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.